Sifili Ɗaya da Injin Markaɗe

Ni mutum ce mai zargi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin kofin kafin in sha. Na sha jin malamai suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na kuma yarda da su, sai dai wanda ya shekara goma sha yana buga wa mutanen Suleja takardu ya ga abin da zai hana shi saurin yarda da ɗan Adam. Shagona yana bakin babbar kasuwa, kwamfuta biyu, firinta ɗaya da injin hoton takardu wanda sai an lallashe shi yake aiki. Ta hannuna takardar neman aiki take bi, da ta sayar da fili, da ta sallamar ɗan haya. Na ga mai rage shekarun haihuwa, na ga mai ƙara wa kansa digirin da bai yi ba, kuma duk da sallama da fara'a suke shigowa.

A shekarar da nake magana wata ƙungiya daga Abuja ta zo ta yi wa matan kasuwa rajista, za ta raba injin markaɗe ga mata arba'in, da ɗan abin sayen fetur na farawa wanda za a tura ta banki. Da 'yar kwamfutar hannu suka zo, suna tambayar kowace mace sunanta da lambar waya da banki da lambar asusu. Waɗanda suka wuce arba'in aka sa su a jerin jira. Sharaɗin da suka kafa shi ne duk wadda bayananta ba su cika ba za a cire ta, a ɗauko ta gaba daga jerin jiran. Sai suka koma, suka bar aikin tantancewa a hannun wani mutumin gari da kowa yake kira Kodineta, wani mai sanyin murya da ba ya rabuwa da jakar kwamfuta a kafaɗa.

Yayata tana cikin jerin jira. Mijinta direba ne, yana ɗaukar ma'aikata zuwa Abuja, sai ciwon baya ya kwantar da shi, gidan ya koma kanta da 'ya'ya biyar. Wata ranar Juma'a ta kira ni cike da murna, ta ce Kodineta ya aiko mata cewa sunanta ya shiga. Na taya ta murna da zuciya ɗaya. Ko tambayar sunan wa aka cire ban yi ba, ni da nake tambayar komai.

Bayan kwana huɗu Maman 'yan biyu ta shigo shagona. Maƙwabciyata ce a kasuwa, ƙosai da kunu take sayarwa a gefen shagon tun kafin in kama shi. 'Yar kudancin Kaduna ce, mijinta tsohon malamin firamare da ya rasu ya bar ta da marayu. Kullum da asuba sai ta ɗauki bokitin wake ta kai markaɗe, ta biya, ta bi layi, don haka injin nan ta riga ta gama lissafin yadda zai sauya mata rayuwa. Ta ce an liƙa takarda a ofishin kasuwa, an ja wa sunanta jan layi, an rubuta wai lambar asusunta ba ta cika ba. Ta zaro wata tsohuwar takardar banki daga lalitarta ta shimfiɗa mini a kan tebur. Ta ce daga wannan takardar yarinyar da ta yi musu rajista ta kwafa, kuma ta karanta mata ta ji daidai ne.

“Mu bakwai ne an cire,” in ji ta. “Biyar 'yan zumuntar mata na cocinmu. Ke kin ga wannan abu haka kawai ne?”

Na ce mata ta yi haƙuri, ƙila kuskure ne, amma a raina na ce ruwa ba ya tsami banza. Maganar ta riga ta zaga kasuwa. Wasu na cewa an ware matan coci ne, wasu na cewa su ne suka ba da lambar ƙarya don asusun ba nasu ba ne. Mutanen da suka shekara suna aron kujera da wuƙa a tsakaninsu suka fara gaisawa a taƙaice.

Washegari da hantsi sai ga Kodineta a shagona. Abin da ya fara tsaya mini a rai ke nan, domin bai taɓa kawo mini aiki ba. Akwai shago kusa da gidansu, akwai wani a bakin tasha inda na sha ganinsa, me ya kawo shi wurina? Ya gaishe ni da Hajiya, alhali ya san ban je ba, ya tambayi yara, ya tambayi jikin mijin Yaya. Sannan ya miƙo filash. Ya ce jerin ƙarshe yake so in tsara masa, in cire bakwai ɗin da aka yi wa ja, in sa bakwai na jira a gurbinsu, in buga kwafi uku da wasiƙar rakiya. Shugabar matan kasuwa za ta sa hannu da la'asar, gobe ya kai Abuja. Ya ce firintarsa ce ta lalace.

Na buɗe fayil ɗin a Excel. Na gangara zuwa layin Maman 'yan biyu na ƙirga lambar asusunta da bakin biro, tara. Na ƙirga na sauran, biyar masu tara, ɗaya mai takwas. Lambar asusun banki a ƙasar nan goma ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Kuma a cikin mata arba'in ɗin nan babu ko ɗaya da lambarta ta fara da sifili. Nan take na gane ciwon, don ya taɓa kama ni. Shekarun baya wata makaranta ta ba ni lambobin wayar iyayen yara, na buɗe na adana, duk sifilin farko suka zube, na kwana biyu ina gyara da hannu ina tsine wa kaina.

Yadda abin yake shi ne, in an ciro bayanai daga irin na'urar da suka yi rajista da ita, sukan fito a fayil da ake kira CSV, wanda rubutu ne zalla, waƙafi ne kawai ya raba suna da lamba. In ka danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, duk inda Excel ta ga lambobi zalla sai ta ɗauka na lissafi ne. A lissafi kuwa sifili da biyar daidai yake da biyar, don haka sai ta yar da sifilin gaba. Ba ta taɓa na tsakiya ko na ƙarshe. In ka adana a haka, wannan kwafin ya rasa su ke nan. Shi ya sa bakwai ɗin nan kaɗai abin ya shafa, su ne lambarsu ta fara da sifili. Na duba layin banki na ga matan zumuntar nan biyar duk banki ɗaya ne. Daga baya Maman 'yan biyu ta gaya mini rana ɗaya aka kwashe su a mota aka buɗe musu asusun.

Da a nan abin ya tsaya da na yi dariya na ce masa Malam ga ɓarawonka. Amma idona ya kai kan layin lambobin waya. Su ma da sifili suke farawa, duk ƙasar nan haka ne, ya kamata a ce su ma sun zube sun koma goma-goma. Sai na gan su cif, goma sha ɗaya, kowace da sifilinta. Na danna ɗaya. A cikin akwatin ga sifili, amma a sama, a dogon layin da yake nuna ainihin abin da ke ciki, babu shi. Wato sifilin ya zube, wani ya zo ya umarci Excel ta riƙa nuna layin da gurbi goma sha ɗaya, ta cike gaban da sifili. Wanda ya yi wannan ya san Excel tana cin sifili, ya san maganinsa, ya yi wa layi ɗaya magani ya bar na kusa da shi. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

Sai na buɗe shafin jira. Suna na uku sunan Yaya ne. Na biyar kuma, in ban yi kuskure ba, matar ƙanin Kodineta ce, sauran ban san su ba. Sai a lokacin na haɗa kiran ranar Juma'a da jan layin Maman 'yan biyu, na kuma ga kamar na gane abin da ya sa firintarsa ta zaɓi wannan makon ta lalace.

Na tambaye shi wa ya gyara lambobin waya. Ya ce shi ne. Da ya ga sun zo babu sifili ya kira wani abokin aikinsa ya koya masa ta waya, ai ko yaro ya san lambar waya da sifili take farawa. Na ce to na asusu fa? Ya ce shi bai taɓa sanin lambar asusu tana farawa da sifili ba, tasa da uku ta fara, ta matarsa da biyu. Yana maganar ina kallon idonsa, bai kawar ba, bai kuma yi saurin rantsuwa ba. Na ga maƙaryata da yawa a kan kujerar nan, na ga masu gaskiya, shi dai na kasa ajiye shi a ɗayan ɓangaren.

Na ɗauko wayata na buɗe manhajar banki kamar zan tura kuɗi. Na zaɓi bankin Maman 'yan biyu, na sa sifili, na bi da lambobi taran nan. Kafin a tura komai sunan mai asusu yake fara fitowa, sai ga cikakken sunanta. Na juya masa wayar. Na gwada mai takwas ɗin da sifili biyu, sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa ya fito. Ya ce ikon Allah, a hankali, kamar an gaya masa farashin tumatir ya sauka.

Sannan ya gyara zama ya ce, “Hajiya, an riga an liƙa takarda, an sanar da mutane. In aka taɓa yanzu wata rigimar ce. Kuma ai kin ga suna na uku a jerin jira.”

Na ce na gani.

“To, ni dai aiki na kawo miki. Ki buga abin da na ba ki, babu ruwanki.”

Aka kira azahar, ya ce bari ya je masallaci ya dawo. Ya bar ni da filash ɗin a jikin kwamfuta.

Ba zan yi wa kaina ƙaryar cewa ban yi tunanin bugawa ba. Na yi, sosai ma. Yaya ce ta goya ni, ita ta sayar da 'yan kunnenta lokacin da zan shiga makarantar koyon kwamfuta. Na san abin da ake dafawa a gidanta da ranakun da ba a ɗora tukunya. Ba ni na cire sifilin ba, ba ni na ja layi ba, kuma in na yi shiru babu mai sani. Ta tagar shago ina hango Maman 'yan biyu tana kwashe ƙosan ƙarshe tana korar ƙuda da murfin roba. Na ji haushinta a lokacin, don me ba wata can da ban sani ba ce.

Kuma ba zan ce tsoron Allah zalla ne ya hana ni ba, ko da yake ina fata yana ciki. Halina ne ya motsa. Na ce yau in mutanen Abuja suka duba nasu fayil ɗin suka ga lambobin nan cikakku ne, wa za a kama? Kodineta zai ce shi bai san kwamfuta sosai ba, ga wadda ta tsara jerin, ku duba ma sunan yayarta a ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan na ga ana shirin ruwan ya doki wanda bai ja ba. Ƙila mutumin bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ƙila da gaske firintarsa ta lalace, kuma ya zo wurina ne don ya ɗauka zan ji daɗin ganin sunan 'yar'uwata. Har yau ban sani ba, kuma rashin sanin yana damuna fiye da yadda zan iya faɗa.

Da ya dawo na ce masa ba zan buga ba sai na ga asalin fayil ɗin da aka turo masa. Ya ce yana jin ya goge. Na ce imel ba ya ɓata haka, ya zauna ga kwamfuta ya duba. Ya daɗe yana neman kalmar sirrinsa, ya yi kuskure sau biyu, ni kuwa ina tsaye a kansa ko kunya ban ji ba. Saƙon yana nan. Na sauke fayil ɗin, ban danna shi sau biyu ba. Na fara buɗe shi a Notepad, wadda ba ta san lissafi ba, abin da aka rubuta kawai take nunawa. Ga lambar Maman 'yan biyu da sifilinta, goma cif, haka sauran shidan. Sannan na buɗe Excel babu komai a ciki, na shiga sashenta na Data na jawo fayil ɗin ta hanyar shigo da CSV, na hana ta yanke wa lambobin hukunci da kanta, na ce layin waya da layin asusu duk Text ne, wato rubutu. Suka shigo yadda matan suka faɗe su. Na adana a matsayin fayil ɗin Excel, na kuma gargaɗe shi cewa in ya mayar da shi CSV ya sake danna shi, sifilin za su sake zubewa.

Na buga kwafi uku, mata arba'in na asali, babu jan layi ko ɗaya. Na ƙara na huɗu na ce wannan ni zan kai wa shugabar mata da hannuna in yi mata bayani, kada ya wahala. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi, ya ce Hajiya ba ki yarda da mutane ba. Na ce haka aka ce. Ya biya kuɗin aikin ba tare da neman ragi ba, ya rataya jakarsa ya fita. Bai sake kawo mini aiki ba, ko da yake in mun haɗu a hanya yakan riga ni gaisuwa.

Shugabar mata ba ta gane bayanin Excel ba, amma da na sa lambobin a waya sunaye suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ta gane wannan. Ta sa hannu, ta aika a cire tsohuwar takardar daga bango. Maman 'yan biyu ta zo ta riƙe hannuna biyu tana sa mini albarka da Hausa da yarensu. Ba ta san sunan wa ya fita don nata ya koma ba, ni ma ban gaya mata ba.

Saura Yaya. Na so in kira ta a waya, na ga rashin mutunci ne. Na rufe shago bayan la'asar na hau keke napep zuwa unguwarsu, duk hanya ina shirya yadda zan fara. Na yi niyyar in ce mutanen Abuja ne suka gano, ko in ce Kodineta ne ya sauya. Ina sauka na ga ƙofar gidan ta canza. An share gefen zaure, an kafa rumfar kwano a kan sanduna huɗu, a ƙarƙashinta an zuba dakalin siminti mai tsayin gwiwa, da ƙusoshi huɗu a tsaye inda za a ɗaure inji. Buhun simintin da ya rage yana jingine da bango. Ban tambaye ta inda ta samo kuɗin ba, na dai lura babu akuyarta a turke.

Ta fito da fara'a tana goge hannu da zani, ta ce dama tana so in zo in gani, magini ya ce kwana uku ya isa ya yi ƙarfi. Duk ƙaryar da na shirya ta gudu. Na gaya mata yadda aka yi tun daga farko, da sifilin, da wayar, da cewa ni ce na ƙi bugawa. Na ce sunanta ya koma jerin jira, ita ce ta uku, in an sake rabo ƙila a kai kanta. Ina magana ina jin muryata kamar ta Kodineta.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaye ni abu ɗaya, ko matar da gaske lambarta daidai ce. Na ce daidai ce, na gani da idona. Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana kallon rumfar. Daga cikin gida mijinta ya ɗaga murya yana tambayar wa ya zo, ta ce masa ƙanwarta ce, tana zuwa. Ni kuwa ina tsaye da jaka a hannu, na rasa ko in shiga ko in juya.

Ta sa gefen zaninta ta kaɗe ƙurar da ke kan dakalin.

“Zauna mana,” ta ce. “Ai ya bushe.”